Sana'ar gefe kafin ajiye aiki: amsoshin da na gaji da maimaitawa

"Sai na bar aikin albashi kafin in gwada sabuwar sana'a?"

A'a. Albashin ne ke ciyar da kai har gwajin ya nuna inda ya dosa.

"In ci bashi in fara da ƙarfina?"

Kada ka soma. Da kuɗin da ko sun narke ba za su hana ka barci ba ake gwaji.

"Sana'ar ta kusa kamo albashina. In ajiye aikin?"

Dakata tukuna. Yawancin masu kawo mini wannan magana ciniki suke ƙirgawa, ba riba ba. A ce albashinka 100 ne, gida na cin 80 a wata, sana'ar kuma ta yi cinikin 90. Cire sarin kaya, kuɗin mota da na waya, a ce 45. Saura 45. A ciki akwai 10 da ke hannun masu cewa "zan turo gobe", wannan ba kuɗinka ba ne sai ya shigo. Ashe 35 gare ka, ko rabin cefanen gida bai kai ba.

Ban da haka, akwai abin da wurin aiki ke ɗauke maka ba ka gani: fansho, wani wurin har da kuɗin asibiti, da albashin da ke shigowa ko kana kwance ba lafiya. Ranar da ka fita duk sun dawo wuyanka.

Ni dai abin da nake dubawa shi ne wata mafi muni cikin shekara guda. Idan ribarsa ta riƙe gida, kana kuma da ajiyar wata 6, wato 480 a wannan lissafi, to ana iya magana. Ko a nan ma da sauran bayani. In mutum ɗaya ne ke kawo fiye da rabin cinikin, wani ubangidan ka sake yi, wanda ba dole ne ya sanar da kai kafin ya tafi ba.

Ana iya fita da riba ƙasa da haka, amma sai in kana mayar da masu saye don rashin lokaci. In kuwa kai ke bin su, ƙarin lokaci ba lallai ya ƙara ciniki ba. Idan wurin aikinku na ba da hutu ba albashi, fara da shi.

"Zan iya ɗan taɓa harkar a ofis in ba aiki?"

Ka karanta takardar ɗaukarka aiki kuwa? Wasu wuraren sun hana kowace sana'a, wasu sai wadda ke gogayya da tasu. Lokacin ofis, kwamfutar ofis da kwastomomin ofis, cire hannunka.

"Wata 3 ke nan, ribar ba ta taka kara ta karya ba."

Kwantar da hankalinka, wata 3 ba komai ba ne. Duba ko wanda ya saya ya dawo ya sake saye. Kuma don Allah buɗe wa sana'ar asusunta daban, ka daina zuba kuɗinta inda albashi ke shiga.