Teburin hash da warware karo

Teburin hash tsari ne na ajiye bayanai a kwamfuta wanda ke ba da damar sakawa, nemowa da goge abu ta hanyar mabuɗinsa ba tare da an bi abubuwan da aka ajiye ɗaya bayan ɗaya ba. Ginshiƙinsa jeri ne mai gurabe m, masu lamba daga 0 zuwa m − 1, tare da wata ƙa'idar lissafi da ake kira aikin hash, wadda ke karɓar mabuɗi ta mayar da shi lambar gurbi. Da yake yawan mabuɗan da za su iya zuwa ya fi yawan gurabe nesa ba kusa ba, dole ne wani lokaci mabuɗai biyu su faɗa gurbi guda, kuma wannan shi ake kira karo. Manyan hanyoyin warware karo biyu ne, wato hanyar sarƙa da hanyar buɗaɗɗen adireshi.

Tarihi

Ana danganta farkon wannan dabara ga Hans Peter Luhn na kamfanin IBM, wanda ya rubuta wata takardar cikin gida a watan Janairun 1953 inda ya kawo shawarar rarraba bayanai a gurabe tare da sarƙa. A wajajen 1954 kuma wasu ma'aikatan kamfanin, daga cikinsu akwai Gene Amdahl, Elaine McGraw da Arthur Samuel, suka yi amfani da dabarar duba gurbi na gaba idan na farko ya cika, a lokacin da suke aikin wata manhajar fassara umarni ta injin IBM 701. Ke nan hanyoyin biyu kusan tare aka haife su, a gida ɗaya.

Bayani na farko da ya fita fili ana jingina shi ga Arnold Dumey a 1956, wanda ya yi maganar raba mabuɗi da wata lamba a ɗauki ragowar. A 1957 W. Wesley Peterson ya buga nazari mai faɗi a kan batun, kuma daga gare shi ne sunan buɗaɗɗen adireshi ya samo asali. A Tarayyar Sobiyet, Andrei Ershov ya gano lalube bi-da-bi, wato wannan dabara ta duba gurbi na gaba, da kansa a ƙarshen shekarun 1950. Donald Knuth ya yi lissafin matsakaicin tsadar wannan lalube a farkon shekarun 1960, kuma ƙa'idojin da ya fitar su ne ɗalibai ke haddacewa har yau. Ita kanta kalmar hash ta daɗe a bakin masu rubuta manhaja kafin ta zauna a rubuce, inda ake yawan ambaton maƙalar Robert Morris ta 1968 a kan haka.

Aikin hash da ma'aunin cika

Aikin da aka fi kawowa a jarrabawa shi ne na rabawa, `h(k) = k mod m`, wato ragowar da ke saura idan aka raba k da m. Ana so m ta zama lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, kamar 11 ko 97, domin idan m ta kasance 100, alal misali, lambobi biyu na ƙarshen mabuɗi kaɗai za su yanke hukunci, kuma duk mabuɗan da suka ƙare iri ɗaya za su taru wuri guda.

Karo yana zuwa da wuri fiye da yadda hankali ke zato. A teburi mai gurabe 365, mabuɗai 23 kacal da suka faɗo bisa kaddara sun isa su sa yiwuwar samun karo ta haura rabi, alhali teburin bai ko cika kashi 7 cikin ɗari ba. Abin da ake auna cikar teburi da shi shi ne `α = n/m`, inda n take yawan abubuwan da aka ajiye, kuma kusan duk lissafin tsada a kan wannan ma'auni yake tsayawa.

Hanyar sarƙa

A wannan hanya kowane gurbi yana riƙe da kan wata sarƙa, wato jerin ƙulle-ƙulle da kowannensu ke ɗauke da mabuɗi da manunin da ke kai wa ga na gaba. Duk mabuɗin da ya faɗa gurbin sai a ɗaura shi a sarƙar. A ɗauki teburi mai gurabe 11, a saka mabuɗai 22, 33, 12, 44, 23 da 5 a jere. Ragowarsu bayan rabawa da 11 ita ce 0, 0, 1, 0, 1 da 5. Idan ana ƙara sabo a ƙarshen sarƙa, gurbi na 0 zai ɗauki 22, 33, 44, gurbi na 1 zai ɗauki 12 da 23, gurbi na 5 kuma ya ɗauki 5 shi kaɗai. Nemo 44 yana bukatar kwatanci uku, kuma idan aka nemo dukkan mabuɗan shida, jimillar kwatancin 10 ce.

Idan aka ɗauka mabuɗai suna watsuwa daidai a kan gurabe, matsakaicin tsawon sarƙa shi ne α, don haka neman abin da babu shi yana cin kimanin `1 + α`, neman abin da yake nan kuma kimanin `1 + α/2`. A nan α tana iya wuce 1 ba tare da teburin ya tsaya ba, sai dai ya yi ta raguwar sauri sannu a hankali. Gogewa ba ta da wahala, domin cire ƙulli ɗaya daga sarƙa ba ya taɓa kowa. Mafi munin hali shi ne dukkan mabuɗai su faɗa gurbi guda, inda nema ke komawa `O(n)`, wato tsadarsa tana ƙaruwa daidai da yawan abubuwan da aka ajiye.

Buɗaɗɗen adireshi

A nan babu sarƙa. Kowane gurbi abu ɗaya yake ɗauka, kuma idan mabuɗi ya tarar da gurbinsa a cike, sai ya bi wani tsararren jerin gurabe har ya sami wanda babu kowa. Saboda haka α ba za ta taɓa wuce 1 ba. Mafi sauƙin jerin shi ne lalube bi-da-bi, inda ake duba gurbi na gaba, sannan na gabansa, idan an kai ƙarshe a zagayo farko:

```
h(k, i) = (h(k) + i) mod m,   i = 0, 1, 2, ...
```

Da mabuɗan nan na sama, 22 yana zama a gurbi na 0. Sai 33 ya tarar da 0 a cike ya koma 1. Shi kuwa 12, wanda gurbi na 1 nasa ne na asali, ya tarar 33 ya riga shi, sai ya wuce 2. Daga nan 44 ya duba 0, 1 da 2 kafin ya sauka a 3, 23 ya duba 1, 2 da 3 kafin ya sauka a 4, sannan 5 ya sami gurbinsa kai tsaye. Jimillar dubawa ta zama 14, ba 10 ba, kuma dalilin yana nan a fili: lokacin da aka saka 12 bai yi karo da kowa ba a lissafin hash, amma ya biya bashin karon 22 da 33.

Wannan shi ake kira cunkoso na farko, kuma abu ne da ya kamata a fahimta da kyau maimakon a haddace sunansa kawai. Yanzu gurabe 0 zuwa 5 duk sun cika a haɗe. Duk sabon mabuɗin da ragowarsa ta faɗa tsakanin 0 da 6 zai ƙare a gurbi na 6, wato yiwuwar 7 cikin 11, yayin da gurbi na 8 ke da yiwuwar 1 cikin 11 kawai. Dogon layi yana jawo mabuɗai zuwa bakinsa, yana ƙara tsawo, tsawon kuma yana ƙara jawowa. Ƙa'idojin Knuth sun nuna girman illar: neman abin da yake nan yana cin kimanin `½(1 + 1/(1 − α))`, neman abin da babu kuma `½(1 + 1/(1 − α)²)`. Idan α rabi ce, amsoshin su ne 1.5 da 2.5, amma idan ta kai 0.9 sai su zama 5.5 da 50.5. A wannan cika ta 0.9, hanyar sarƙa ba ta kai 2 ba.

Lalube na murabba'i yana tsallake 1, 4, 9, 16 daga gurbin asali. Yana karya dogon layi, amma mabuɗan da suka fara daga gurbi ɗaya hanya ɗaya suke bi, abin da ake kira cunkoso na biyu, kuma tabbacin samun gurbi yana nan ne idan m ba ta rabuwa kuma teburin bai kai rabin cika ba.

Hash mai hawa biyu yana samo girman tsalle daga mabuɗin kansa ta wani aiki na biyu, kamar `h2(k) = 1 + (k mod 10)`. A misalin nan 33 zai yi tsallen 4 ya sauka a gurbi na 4, 44 kuma ya yi tsallen 5 ya sauka a 5, duk da cewa daga 0 suka taso. Sharaɗi shi ne kada tsallen ya zama sifili, kuma kada wata lamba sama da 1 ta raba shi ta kuma raba m. Tsadarsa tana kusantar `1/(1 − α)` a neman abin da babu, wato 10 idan α ta kai 0.9.

Matsalar gogewa

Nan ne ake yawan yin kuskure. A teburin lalube bi-da-bi na sama, idan aka goge 33 aka bar gurbi na 1 fanko, mai neman 44 zai duba 0, ya ga ba shi ba ne, ya matsa 1 ya tarar babu kowa, sai ya yanke cewa 44 ba ya cikin teburin, alhali yana zaune a gurbi na 3. Alamar wannan ɓarna ita ce abin da aka tabbatar an saka ya riƙa ɓacewa bayan an goge wani abu daban. Maganin da aka saba shi ne a sa wa gurbin wata alama ta musamman, wadda ake yawan rubutawa `DELETED`. Mai nema yana wuce ta kamar gurbi cikakke, mai sakawa kuwa yana iya zama a kanta, bayan ya tabbatar mabuɗin ba ya can gaba. Alamomin suna taruwa suna tsawaita nema ko da abubuwan da ke ciki kaɗan ne, don haka akan sake gina teburin idan sun yi yawa.

Faɗaɗa teburi

Idan α ta wuce iyakar da aka sa, ana samar da jeri kimanin ninki biyu, a sake lissafa gurbin kowane mabuɗi da sabuwar m. Aikin yana cin `O(n)` sau ɗaya, amma idan aka raba shi a kan dukkan sakawa, matsakaicin yana nan a `O(1)`, wato ba ya ƙaruwa da yawan abubuwan da aka ajiye.

Amfani a yau

`HashMap` na Java yana amfani da sarƙa, yana faɗaɗa idan cika ta wuce 0.75, kuma tun daga Java 8 yana iya mayar da sarƙar da ta yi tsawo sosai zuwa daidaitacciyar bishiya. `dict` na Python yana amfani da buɗaɗɗen adireshi, ba ya barin cika ta wuce kashi biyu cikin uku. Batun wace hanya ta fi sauri a aikace bai da amsa guda: masu fifita buɗaɗɗen adireshi suna kafa hujja da cewa gurabensa suna maƙwabtaka a ma'ajiya, furosesa na ɗauko su tare, kuma babu manuni da ke cin wuri, masu fifita sarƙa kuma suna nuni da juriyarta ga cika mai yawa, ga raunin aikin hash, da ga yawan gogewa.