Neman aiki a ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa: tambayoyin da ba sa ƙarewa kan sibi

Sibi ɗaya gare ni, zan iya tura ta ko'ina?

A'a. Mai tantancewa yana riƙe da sanarwar aikin, yana bin sharuɗɗanta ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai gani a takardarka ba, a wurinsa ba ka da shi.

An lissafo ƙwarewa kamar aiki da jama'a da tsara aiki. In kwafe su in zuba?

Kowa ma haka yake yi, shi ya sa ba ta fitar da kowa. Kowace ƙwarewa ka kawo mata shaida: me ya faru, me ka yi, me ya biyo baya. "Na iya tsara aiki" iska ce. "Na sake jadawalin rabon kaya a sansanoni 3 bayan ruwa ya yanke hanya, aka gama cikin wa'adi", wannan ita ce magana. A intabiyu ma labarin nan za a ce ka faɗaɗa, don haka kada ka rubuta wanda ba ka yi ba.

Malam, ana neman gogewa a rahoton masu ba da tallafi. Ni alƙaluma kawai nake tarawa, shugabata ke rubutawa. In ce ina da ita?

To 'yar'uwa, wannan sai an zauna. Ya danganta da inda hannunki ya tsaya, da kuma matakin kujerar.

Rahoton nan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai bayanin abin da aka yi, akwai jadawalin ma'aunai inda ake gwada abin da aka cimma da abin da aka yi alkawari, akwai kuma ɓangaren kuɗi da ke kwatanta kasafi da abin da aka kashe. Idan ke kike cike jadawalin ma'aunai, kin taɓa rahoton da hannunki, ki faɗa. Amma ki faɗi iyakar.

A ce aikin ruwan sha ne na wata 12 da tallafin ECHO, ofishin agajin Tarayyar Turai. An yi alkawarin kai wa mutum 10,000, aka kai wa 8,200. Ke kika tace alƙaluman, kika raba su maza da mata da rukunin shekaru, kika gano an ƙirga wasu gidaje sau biyu, kika rubuta sakin layin da ya bayyana giɓin. To ki rubuta: "Na tattara na tantance alƙaluman ma'aunai 6 don rahoton tsakiya da na ƙarshe na ECHO, na rubuta bayanin bambancin buri da sakamako." Kada ki ce "na jagoranci rahoto". Tambaya ɗaya za ta tona ki: wa ya daidaita bayanin da ɓangaren kuɗi kafin a tura?

Sunan mai tallafin yana da nauyi, don kowanne da tsarinsa. ECHO na amfani da fom guda mai suna Single Form tun daga neman kuɗi har rahoton ƙarshe, na FCDO, ma'aikatar harkokin waje da raya ƙasa ta Birtaniya, kuma daban ne. Wanda ya saba da ɗaya ba lallai ya san ɗayan ba, ko da yake koyon na biyu bai kai na farko wuya ba.

Idan kujerar ta jami'in bibiya da tantancewa ce, abin da kike da shi yakan isa. Idan ta mai kula da tallafi ce, wanda zai riƙe wa'adi da sharuɗɗan kwangila, mai yiwuwa da saura. Ban hana ki nema ba, musamman in an sa sharaɗin ƙarƙashin "desirable", wato abin da ake so amma ba dole ba. In ƙarƙashin "required" yake, wato dole, har da adadin shekaru, sau da yawa a matakin farko ake zubar da takarda.

Ina ɗan jin Faransanci. In sa na ƙware?

Kada ka soma. Ana iya juya intabiyu zuwa Faransanci ba sanarwa. Yi amfani da ma'aunin Turai, A1 zuwa C2, in kana da shaidar jarrabawar Faransanci ta DELF ko DALF ka ambace ta. Ka kuma bambance ji, magana, karatu da rubutu, don mai hira da direba daban, mai rubuta rahoto daban. Turanci da Faransanci su ne harsunan aiki a Sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma sanarwa kan fayyace wanda ya zama dole.

Harsunan gida fa?

Sa su mana! A aikin fili su ake nema.

Na ɗora sibi, shafin kuma ya ce in cike fom. Ba maimaici ba ne?

Maimaici ne, cike shi. A Inspira, shafin neman aiki na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ire-irensa abin da ke cikin fom ake tacewa, kuma da watannin farawa da gamawa ake lissafa shekarun gogewarka. Ka bar gurbi, ko ka rubuta "duba sibi", lissafin ya fito a gajarce.