Maido da kuɗin da aka tura bisa kuskure a M-Pesa

Maido da kuɗi, a tsarin M-Pesa na tura kuɗi ta wayar hannu a ƙasar Kenya, shi ne mutum ya nemi Safaricom, kamfanin sadarwar da ke gudanar da tsarin, ya warware wata turawa da ta faɗa lambar da ba ita aka nufa ba. Kamfani ba ya binciken irin wannan koke sai da shaidar turawar, wato saƙon tabbaci da ke shigowa wayar mai turawa ko lambar shaidar da ke cikinsa.

Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a watan Maris na 2007. A shekarun farko mai turawa ba ya ganin sunan mai karɓa sai kuɗi sun riga sun tafi, saboda haka kuskuren lamba guda kan kai kuɗin haya ko na makaranta hannun baƙo. Mafita a lokacin ita ce a kira sashen kula da abokan hulɗa, a yi ta jiran layi, alhali wanda kuɗin suka faɗa wa yana iya zuwa wurin wakilin M-Pesa ya cire su. Wajen 2015 aka shigo da Hakikisha, kalmar Swahili mai nufin "tabbatar", wadda ke nuna sunan mai lambar tare da ba da 'yan daƙiƙoƙi na fasa turawa. Hanyar koke ta gajeren saƙo ta biyo baya, a wajajen 2017.

Saƙon tabbacin yana ɗauke da lambar shaida mai gurbi 10, haruffa gauraye da alƙaluma, sai adadin kuɗi, sunan mai karɓa da lambarsa, da rana da lokaci. Lambar shaidar ce ginshiƙi, domin babu turawa biyu masu lamba ɗaya. A ɗauka wata mata ta tura wa ƙanenta shilin 5,000, ta juya alƙaluma biyu na ƙarshen lambar wayarsa, sai ga saƙo da sunan da ba ta sani ba. Abin da za ta yi shi ne ta tura wannan saƙon gaba ɗayansa zuwa 456, lambar koke ta gajeren saƙo, daga layin da kuɗin suka fita, ba tare da ta gyara ko harafi ɗaya ba. Idan kuɗin suna nan, kamfani zai riƙe su ya tuntuɓi mai karɓa, in ya amince a mayar mata. Idan ta goge saƙon, sai ta nemo lambar shaidar a tarihin asusunta ta kira 100, lambar sashen kula da abokan hulɗa.

Jinkiri ne babban abin da ke ɓata neman. Da zarar an cire kuɗin ko an tura su gaba, kamfani ba shi da abin riƙewa, kuma maganar takan koma wurin 'yan sanda. Kuɗin da aka biya ɗan kasuwa ko wata hukuma kuwa, sai da yardarsu ake maidowa.

Ana saɓani kan sharaɗin amincewar mai karɓa: masu turawa na ganin yana ba maciya amana dama, 'yan kasuwa kuma na cewa shi ke hana mai saye janye kuɗi bayan ya tafi da kaya.