Raguwar kuɗin sarrafa kaya saboda yawa

Raguwar kuɗin sarrafa kaya saboda yawa wata ƙa'ida ce a ilimin tattalin arziki da ke bayyana yadda abin da ake kashewa a kan kowane guda na kaya yake sauka yayin da masana'anta ko kamfani ke ƙara yawan abin da yake yi. Jimillar kuɗin da ake kashewa tana ƙaruwa, amma ba ta ƙaruwa da saurin da kayan ke ƙaruwa, don haka rabon da ke faɗawa kan kowane guda yake yin ƙasa. Ragin yana da iyaka, domin akwai girman da idan aka wuce shi kuɗin kan tsaya cik, ko ma ya koma hawa.

Tushen lissafin

Kuɗin da mai sana'a ke kashewa iri biyu ne. Akwai tsayayyen kuɗi, wanda zai biya ko ya yi aiki ko bai yi ba, kamar hayar wuri, kuɗin inji, lasisi da albashin mai gadi. Akwai kuma kuɗi mai bin yawa, wanda ke ƙaruwa da kowane guda da aka yi, kamar ɗanyen kaya, leda da kwali. A littattafan tattalin arziki ana rubuta lissafin haka:

AC = FC/Q + AVC

AC shi ne matsakaicin kuɗin guda ɗaya, FC tsayayyen kuɗi, Q yawan kayan da aka yi, AVC kuma kuɗi mai bin yawa na kowane guda. Duk lokacin da Q ya ƙaru, FC/Q raguwa yake yi.

A ɗauki misalin gidan burodi da adadi na ƙaddarawa. A ce haya, gyaran tanda, janareta da albashin ma'aikatan dindindin suna cin naira 900,000 a wata, sannan fulawa, sukari, yis, bota da leda na kowane burodi suna cin naira 600. Idan ana gasa burodi 300 a rana, wato 9,000 a wata, kowane burodi zai ɗauki naira 100 daga tsayayyen kuɗin, ya tashi a kan naira 700. Idan aka kai 1,500 a rana, wato 45,000 a wata, rabon kowane burodi ya sauka zuwa naira 20, ya tashi a kan 620. Tanda ɗaya ce, haya ɗaya ce, amma an sami ragin naira 80 a kan kowane burodi.

Abin lura a nan shi ne ragin farko ya fi kowanne tsoka. Daga 9,000 zuwa 18,000 ana samun ragin naira 50. Daga 45,000 zuwa 54,000, duk da cewa ƙarin 9,000 ne shi ma, ragin bai kai naira 4 ba. Wannan ne ya sa amfanin yawa ya fi bayyana a sana'ar da tsayayyen kuɗinta ke da nauyi ƙwarai, kamar siminti, ƙarfe, buga littattafai da haɗa magunguna, kuma yake da rauni a sana'a irin aski, inda kowane kai sai ya ci lokacin wanzami.

Masana kan bambanta cika tandar da ake da ita, wanda lamari ne na gajeren lokaci, da gina babbar masana'anta tun daga tushe. Na biyun shi ne ainihin abin da ƙa'idar ke nufi, ko da yake a maganar yau da kullum ana haɗa su.

Tarihi

Bayanin da aka fi ambata a matsayin mafari shi ne na Adam Smith, masanin ƙasar Sikotilan, a littafinsa kan arzikin al'ummai da ya fito a 1776. Ya kwatanta wata ƙaramar masana'antar fil inda aka rarraba aikin zuwa matakai kusan 18: wani ya ja waya, wani ya miƙar da ita, wani ya yanka, wani ya fiƙe tsini, wani ya sa kai. Mutum goma a wurin suna yin fil fiye da 48,000 a rana, alhali a ƙiyasinsa mutum ɗaya da ke yin komai shi kaɗai, ba tare da horo ba, ba zai yi 20 ba. Smith ya kawo dalilai uku: hannu yana faɗawa idan mutum ya tsaya kan aiki ɗaya, ba a ɓata lokacin tashi daga wannan aiki zuwa wancan, kuma aikin da aka sauƙaƙa ya fi saurin samun injin da zai yi shi. Ya kuma ƙara sharaɗin da ake yawan mantawa da shi, cewa rabon aiki yana tsayawa ne inda kasuwa ta tsaya. Ƙauyen da ke buƙatar fil ɗari a wata ba zai riƙe masana'antar mutum goma ba.

A 1890 Alfred Marshall na Ingila ya raba ragin gida biyu. Akwai na cikin gida, wanda kamfani ke samu saboda girman kansa, da na waje, wanda ƙananan masu sana'a ke samu saboda sun taru wuri guda, har masu kawo musu kaya, makanikai da ƙwararrun ma'aikata suka biyo su. Tarin masu casar shinkafa a yankin Kura na jihar Kano misali ne na irin na biyun.

Wanda ya nuna ƙa'idar a aikace har duniya ta gani shi ne Henry Ford na Amurka. Motarsa Model T ta fito a 1908 a kan dala 850 ko kusa da haka. A 1913 kamfanin ya kafa layin haɗa mota mai tafiya a masana'antarsa ta Highland Park, inda ƙashin motar ke wucewa ta gaban ma'aikata, kowa yana tsaye a wurinsa yana sa abu ɗaya. Lokacin haɗa ƙashin mota ya sauka daga sa'a 12 da 'yan kai zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Wajen tsakiyar shekarun 1920 mafi arhar samfurin ya koma ƙasa da dala 300, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi kusan miliyan 15. Tarihin ya kuma nuna ɗaya fuskar lamarin. An gina injinan ne don mota iri ɗaya tak, saboda haka da masu saye suka fara karkata ga wasu samfura, sai da aka dakatar da aiki na tsawon watanni a 1927 kafin a sake shirya masana'antar don sabuwar mota.

A harkar sufuri, juyin ya zo da kwantena. A 1956 Malcom McLean, ɗan kasuwar sufuri na Amurka, ya tura jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston a ƙasar ɗauke da kwantena 58. Manyan jiragen yau suna ɗaukar abin da ya kai kwantena 24,000 masu tsawon ƙafa 20.

Girman inji da tanki

Wani tushen ragin daga siffar abubuwa yake fitowa, ba daga dabarar kasuwanci ba. Idan aka ninka tsawo, faɗi da zurfin tanki, ƙarfen da za a yi bangonsa zai ƙaru sau huɗu, amma abin da zai ɗauka zai ƙaru sau takwas. Idan aka ninka faɗin bututu, kewayensa ya ninka sau biyu, bakinsa kuma sau huɗu. Kuɗin gini yana bin ƙarfe, abin da ake samu kuma yana bin ciki.

Daga nan injiniyoyin matatun mai da masana'antun sinadarai suka sami ƙa'idar ƙiyasi da suke amfani da ita wajen kintatar kuɗin sabon wuri:

C2 = C1 × (Q2/Q1)^0.6

C1 da Q1 su ne kuɗin gini da ƙarfin aikin masana'antar da aka sani, C2 da Q2 kuma na sabuwar. Ma'anarta ita ce idan aka ninka ƙarfin masana'anta sau biyu, kuɗin ginata zai ƙaru da kimanin kashi 52 cikin ɗari, ba kashi ɗari ba. Masana'antar da ke yin tan 1,000 a rana wadda aka gina da biliyan 10, takwararta mai tan 2,000 za ta ci kimanin biliyan 15.2. Jarin da ke kan kowane tan na ƙarfin aiki ya sauka daga miliyan 10 zuwa miliyan 7.6. Adadin 0.6 ɗin matsakaici ne, yana bambanta daga inji zuwa inji, kuma ba ya aiki idan hanyar faɗaɗawa ita ce jera injina iri ɗaya gefe da gefe. Irin wannan lissafi ne ke sa a gina matata guda mai girma, kamar ta Dangote a Lekki da aka tsara don ganga 650,000 a rana, maimakon ƙanana goma.

Saye da bashi

Mai sayen fulawa tirela guda kai tsaye daga kamfani yana biyan ƙasa da mai sayen buhu biyu a wurin ɗan sari, domin ya rage wa mai sayarwa wahalar lodi, ajiya da bin bashi. Babban kamfani kuma yakan sami rance a banki da sharuɗɗa masu sauƙi. Wasu masana ba sa ƙirga ragin da ya fito daga ƙarfin ciniki kawai, domin a ganinsu kuɗi ne ya tashi daga aljihun mai sayarwa zuwa na mai saye.

Inda ragin ke juyewa

A koma gidan burodin nan. A ce da sayen fulawa da yawa kuɗi mai bin yawa ya sauka zuwa naira 560, kowane burodi ya tashi a kan 580. Amma unguwar ba za ta cinye 1,500 a rana ba, dole a tura mota garuruwan nesa. Idan kashi 10 cikin ɗari na burodin yana dawowa ya bushe ko ya yi funfuna, to kuɗin da aka kashe kan burodi 45,000 zai hau kan 40,500 da aka sayar, kowanne ya tashi a kan kusan naira 644, tun ba a sa man mota ba. Ma'aunin gaskiya shi ne kuɗin guda da aka sayar, ba wanda aka gasa ba.

Matsala ta biyu ita ce tsayayyen kuɗi yana hawa ne mataki-mataki. Idan tanda ta cika, burodi ɗaya da za a ƙara yana buƙatar tanda ta biyu, kuma kuɗin kowane guda zai yi tsalle sama har sai ita ma ta sami isasshen aiki. Babbar masana'anta da ke aiki da rabin ƙarfinta, saboda rashin wuta ko ƙarancin ɗanyen kaya, takan fi ƙarama mai cikakken aiki tsadar kaya. Ana gane hakan ta hanyar kwatanta abin da aka yi a wata da abin da injin zai iya yi.

Nauyin kaya ma yana sa iyaka. Bulo da ruwan leda suna da nauyi amma ba su da tsada, don haka kuɗin kai su nesa yana cinye ragin da wuri, shi ya sa kusan kowane gari yake da masu yin nasa. A manyan kamfanoni kuma shugabanni kan yi yawa tsakanin mai yanke shawara da mai aiki, labari ya riƙa isa a makare, sata da ɓarna su yi wuyar ganowa.

Mafi ƙarancin girman da masana'anta ke buƙata kafin kuɗin kowane guda ya gama sauka shi ne ke nuna kamfani nawa kasuwa za ta iya ɗauka. Inda girman nan ya kusa cinye kasuwar baki ɗaya, kamar layin dogo, bututun ruwan sha da manyan wayoyin lantarki, kamfani ɗaya yakan fi biyu arha, kuma gwamnatoci kan riƙe irin waɗannan ayyuka ko su ƙayyade farashinsu. Ko ragin da manyan kamfanoni ke samu yana kai wa ga mai saye, ko yana tsayawa a ribarsu idan babu gasa, batu ne da masana suka rabu a kansa.