Yadda ake cin wasan ɗibar ashana: lissafi daga ƙarshe

Malam, akwai wani dattijo mai shayi a Agege da ke zube tsinken ashana 21 a kan benci. Ana ɗauka bi da bi, ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya ɗauki na ƙarshe shi ya ci. Har yau ban ga wanda ya ci shi ba. Asiri ne?

Babu asiri, ɗan'uwa. Kai kana kallon ashana 21 da ke gabanka, shi kuwa yana kallon ƙarshen wasan yana dawowa baya.

Zuba ashana a gabanka ka gwada. In saura ɗaya ko biyu ko uku kuma kai ne da ɗauka, ka kwashe duka, ka ci. In saura huɗu fa? Ka ɗauki ɗaya, ka bar masa uku ya kwashe. Ka ɗauki biyu, ya kwashe biyun. Ka ɗauki uku, ya ɗauke ɗayan. Duk inda ka juya ka faɗi. To mu kira huɗu rami: wanda ɗauka ta same shi a kan huɗu ya shiga, ba fita.

Yanzu matsa sama. In saura biyar, shida ko bakwai, kana iya ragewa ta koma huɗu, ka tura abokin wasanka ciki. Amma in saura takwas, ɗaya za ta bar bakwai, biyu ta bar shida, uku ta bar biyar, kuma daga kowace a cikinsu shi ne zai mayar da kai huɗu. Ke nan takwas ma rami ce. Haka 12, 16 da 20.

Ka'idar ke nan gaba ɗaya. Wuri rami ne idan duk ɗaukar da za ka yi tana ba abokin wasanka wuri mai kyau. Wuri mai kyau kuwa shi ne wanda akwai ko da ɗauka guda da za ta jefa shi rami. A 21, mai farawa ya ɗauki ɗaya kacal ya bar 20. Daga nan ya riƙa cika huɗu: ka ɗauki uku ya ɗauki ɗaya, ka ɗauki biyu ya ɗauki biyu. Ka lura gobe, za ka ga duk sanda dattijon ya janye hannu, abin da ya rage a benci yana rabuwa gida huɗu ba saura.

Amma wani lokaci ni yake ba wa in fara, kuma ya ci ni.

Domin ya san ba ka san inda ramukan suke ba. Da ka ɗauki biyu ka bar 19, sai ya ɗauki uku ya sa ka a 16, wasa ya ƙare tun a nan, sauran ɗauke-ɗauken cika lokaci ne kawai. Tsofaffin 'yan wasan nan ma sukan yi sakaci da gangan a farko, lokacin da ashanar ke da yawa, don kada a gano tsarinsu. Sai an gangaro wajen 12 ko 8 su kama hanya. In ya sake ba ka farawa, ɗauki ɗaya, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.

A tashar mota a Mile 12 na ga suna yin sa sabanin haka: wanda ya ɗauki na ƙarshe shi ya faɗi. Lissafin ya rushe ke nan?

Bai rushe ba, ramukan ne suka gusa da taki ɗaya. A nan mugun wuri na farko shi ne a bar maka tsinke ɗaya, tunda dole ka ɗauka. Daga biyu, uku ko huɗu kana iya barin ɗaya ga wancan. Daga biyar ba ka iyawa. Sai ramukan su zama 1, 5, 9, 13, 17, 21. Duba lambar ƙarshe da kyau. A wannan salon, da ashana 21, mai farawa a cikin rami ya fara. Shi ya sa gwanin zai ce maka cikin ladabi, "Bismillah, kai ne baƙo, fara." Kada karamcin ya ruɗe ka.

To ashe abin kawai a haddace huɗu-huɗu ne?

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Huɗun nan ta fito ne daga dokar ɗauka: mafi yawan abin da aka yarda a ɗauka, a ƙara ɗaya. In an yarda a ɗauki har biyar, ramukan sai su koma shida-shida. Wani masanin lissafi Bafaranshe mai suna Bachet ya rubuta irin wannan wasa tun a 1612: ana tara lamba daga ɗaya zuwa goma, bi da bi, wanda ya fara kai ɗari ya ci. A can tazarar 11 ce, don haka mai son ci sai ya riƙa sauka a kan 1, 12, 23, har zuwa 89, sannan ɗari.

Amma bari in canja doka yadda haddar ba za ta yi aiki ba. A ce ɗaya, uku ko huɗu ake ɗauka, an hana biyu, kuma mai ɗaukar na ƙarshe ya ci. Ɗauko takarda, jera lambobi daga sifili. Sifili rami ne, don wanda ya tarar da benci wayam an riga an ci shi. Ɗaya wuri ne mai kyau. Biyu fa? Ba ka da halin ɗaukar uku ko huɗu, ɗaya kaɗai za ka iya, ka bar masa na ƙarshe. Ashe biyu rami ce, abin da ba wanda zai zata. Uku da huɗu ana kwashe su gaba ɗaya. Daga biyar ka cire uku ka bar biyu, daga shida ka cire huɗu ka bar biyu. Bakwai kuwa tana kai ka shida, huɗu ko uku, duka wurare masu kyau ga wancan, don haka rami ce. Takwas tana komawa bakwai. Tara tana kai ka takwas, shida ko biyar, rami ke nan. In ka ci gaba za ka samu 14 da 16, sannan 21 da 23. Tsarin yana maimaita kansa duk bayan bakwai, da ramuka biyu a kowane zagaye. Wanda ya zo da huɗu-huɗunsa nan zai sha kaye, wanda ya iya dawowa daga sifili kuwa minti biyar sun ishe shi ya fitar da taswirar.

Yadda za ka gane ka yi kuskure a takardar: in ka ga ana iya tashi daga wani rami a sauka kai tsaye a wani ramin da ɗauka guda, ɗayansu ba rami ba ne. Koma ka sake duba.

Shi kuma Nim da ake faɗa, mene ne bambancinsa?

A Nim ana kasa ashanar kashi-kashi, kamar uku, huɗu da biyar. In ɗauka ta zo kanka, ka zaɓi kashi ɗaya ka ɗebi iya son ranka daga cikinsa, ko da duka ne, amma ba ka taɓa kashi biyu a lokaci guda. Mai ɗaukar na ƙarshe ya ci. Charles Bouton na jami'ar Harvard ne ya fitar da cikakken lissafinsa a 1901.

Fara da kashi biyu. Ɗaya da ɗaya rami ne: ka ɗauki wannan ya ɗauki wancan. Biyu da biyu ma haka, bakwai da bakwai ma haka, domin duk abin da ka ɗiba a nan zai ɗibi daidai shi a can. Da kashi uku, ƙaramin ramin da ya kamata ka gwada da hannunka shi ne 1, 2, 3. Duk abin da ka taɓa, wancan zai iya mayar da benci kashi biyu masu daidai da juna. Ka kwashe ukun, ya rage biyun ta koma ɗaya. Ka cire ɗaya daga ukun, ya kwashe kashi mai ɗaya ya bar maka biyu da biyu.

Dawowa baya ɗaya bayan ɗaya zai yi tsawo in kashin sun girma, to ga gajeriyar hanyar da Bouton ya nuna. A zuciyarka, raba kowane kashi zuwa ƙunshi na 1, 2, 4, 8, kana fara cire mafi girma, kuma kada girma ɗaya ya fito sau biyu a kashi guda. Bakwai ita ce 4 da 2 da 1. Shida ita ce 4 da 2. Sannan ka dubi bencin gaba ɗaya. In kowane girman ƙunshi ya samu abokinsa, bibbiyu ba saura, wurin rami ne. In akwai ƙunshin da ya rasa aboki, akwai ɗaukar da za ta gyara, kuma taka ce.

A yi mini shi da 3, 4, 5 in gani.

Uku ita ce 2 da 1. Huɗu ƙunshi ɗaya ce ta 4. Biyar ita ce 4 da 1. Ƙunshin huɗu guda biyu ne, sun haɗu. Ƙunshin ɗaya guda biyu ne, sun haɗu. Ƙunshin biyu ne kaɗai ya rasa aboki, kuma yana cikin kashi mai uku. Cire biyu daga nan. Benci ya koma 1, 4, 5.

A ce ya ɗebi uku daga biyar, ya bar 1, 4, 2. Yanzu ƙunshi uku ne, kowanne ba aboki. Nan ne sabon shiga ke rikicewa, don yana ganin sai ya taɓa kashi uku kafin ya gyara. Je ka kashin da ke ɗauke da babban ƙunshin da ya rasa aboki, wato huɗu. Tambayi kanka nawa ya kamata ya rage a cikinsa don sauran su samu abokai. Ana bukatar 2 da 1, wato uku. Sai ka cire tsinke ɗaya tak daga huɗun. Benci ya zama 1, 3, 2, ramin da ka riga ka sani. In ya kwashe ukun, ka cire ɗaya daga biyun, saura ɗaya da ɗaya. Ya ɗauki nasa, ka ɗauki na ƙarshe.

In kuma salon da mai ɗaukar na ƙarshe ke faɗuwa ake yi, ka buga daidai haka har sai ya rage kashi ɗaya ne kaɗai ya wuce tsinke ɗaya. A nan sai ka juya. A 1, 1, 5, wasan farko zai sa ka kwashe biyar ɗin duka. A wannan kuwa ka cire huɗu ka bar 1, 1, 1, ya ɗauka, ka ɗauka, na ƙarshe ya faɗa kansa.

In na tarar ni ne a rami tun farko fa?

In abokin wasanka ya san lissafin kuma bai yi kuskure ba, ba ka da mafita. Jerin 1, 3, 5, 7 da ake yawan kasawa irin wannan ne, mai farawa a rami yake. Abin da ya rage maka shi ne ka ɗauki kaɗan, tsinke ɗaya daga babban kashi, don wasan ya yi tsawo kuma lissafin ya yi masa nauyi. Kwashe kashi guda gaba ɗaya shi ne mafi muni, domin ka sauƙaƙa masa benci ke nan.

Zan iya kai wannan dabarar wasan dara ko darafta?

Tunanin zai taimake ka in an zo ƙarshen wasa, 'ya'ya sun ragu, kana iya hango kowace tafiya har ƙarewa. Amma taswira irin ta ashana ba za ta fito maka a takarda ba. A ashana kowa na iya taɓa kowane tsinke, kuma kowace ɗauka tana rage abin da ke benci, shi ya sa lamba kaɗai ta isa ta gaya maka inda kake. A dara kowa da 'ya'yansa, ɗa na iya gaba ya dawo baya, kuma yanayin da wasan zai iya shiga ya fi ƙarfin ƙirga da hannu. Ludo da karta kuma sun fita daga maganar gaba ɗaya, tunda akwai sa'a a ɗaya, akwai abin da ke ɓoye a hannun abokin wasa a ɗayan.