Fowil da dif-lok: ba ƙarin ƙarfin inji ba ne

Damina na faɗuwa kalmar fowil ta cika gari. Dillalan mota na tallarta, direbobin Hilux na ayarin 'yan siyasa kuwa sai ka ji suna cewa sun sa fowil don mota ta ƙara wuta a kan kwalta. Wannan maganar ce ke ba ni haushi. Fowil ba ya ƙara wa inji komai, ƙarfin da yake da shi ne ake raba wa tayu huɗu maimakon biyun baya.

Fitilar da ke gaban direba mai hoton tayu huɗu, ko rubutun 4H, na nufin an haɗa farfelar gaba da ta baya, wato ƙarafan da ke kai juyin inji ga tayu. 4L shi ne haka ɗin da giya mai nauyi, ta rarrafe, kuma sai an tsaya cak an sa giya a furi ake shigarta. Fitilar dif-lok daban take: hoton tayu da alamar X a aksul ɗin baya, ko a tsakiya idan Land Cruiser ce mai dif na tsakiya. Idan tana ƙiftawa, bai kama ba tukuna.

Aikin dif shi ne barin taya ɗaya ta fi 'yar uwarta juyawa a kwana. Tsakanin tayun bayan Hilux akwai kamar mita ɗaya da rabi. In direba ya juya ya koma inda ya fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita 5. Dif-lok kuwa ɗaure su yake yi su juya daidai wa daida. A taɓo ko yashi ba matsala, tayar ciki sai ta sulɓe abinta. A busasshiyar kwalta fa, ina mita biyar ɗin nan za su je? Taya ta riƙe ƙasa gam, sai ƙarfen aksul ya riƙa murɗewa, haƙoran dif su sha wahala, har taya ta yi tsalle ko wani abu ya karye. Shi ya sa Toyota ta ce kada a wuce gudun kilomita 8 a sa'a da dif-lok a kunne. Kada kuma a danna shi taya na cikin wulwulawa. A ganina maɓallin fita daga rami ne kawai, da an fita a kashe.

4H ma haka yake yi, amma tsakanin gaba da baya, domin Hilux ba ta da dif na tsakiya, ga shi tayun gaba sun fi na baya zagaye a kwana. Za ka ji sitiyari ya yi tauri, tayu na kuka, mota na tirjiya kamar an taka birki. Daga nan sai fowil ya ƙi fita, fitila ta yi ta ƙiftawa. Kada a yi kokawa da shi. A miƙe sitiyari, a yi ribas kaɗan, ko a sauka gefen titi kan ƙasa, murɗewar ta saki, sannan a koma tayu biyu.