Awon gonar da ba ta daidaita ba: tambayoyi da amsoshi

Gonar shinkafata a fadamar Argungu kusurwa huɗu ce, amma a karkace take. Yaya zan san faɗinta da tef kawai?

Kafa turke a kowace kusurwa, ka sa musu suna A, B, C, D, kana zagayawa ta hannu ɗaya. Ka auna iyakoki huɗun, sannan ka ƙara awo na biyar, wanda mutane suka fi mantawa da shi: ka ja tef daga A ya ratsa tsakiyar gona zuwa C. Wannan layin ya raba gonar zuwa alwatika biyu. Dalilin yin haka shi ne, alwatika da aka san tsawon gefenta uku, siffa ɗaya tak za ta iya ɗauka, alhali iyakoki huɗu suna iya buɗewa ko matsewa ba tare da tsawonsu ya canza ba.

A ce ka samu AB mita 65, BC 70, CD 56, DA 61, sai AC mita 75. Kewayen gonar mita 252 ke nan, wato tsawon shingen da za ka buƙata. Faɗin kowace alwatika kuwa ana fitar da shi da dabarar Heron, inda a, b da c su ne tsawon gefenta uku, s kuma rabin jimlarsu:

```
s = (a + b + c) / 2
faɗi = √(s × (s−a) × (s−b) × (s−c))
```

A alwatikar ABC, 65 da 70 da 75 sun ba da 210, rabinsa 105. Cire kowane gefe daga 105, ka samu 40, 35 da 30. Ka ninka 105 da su ukun, ya ba da 4,410,000, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka: murabba'in mita 2,100. A ACD rabin jimlar 96 ne, ragowar 21, 40 da 35, faɗin kuma 1,680. Duka gonar 3,780. Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kusan 4,047, don haka gonar ta ɗan gaza eka ɗaya.

A wajenmu ana haɗa iyakoki masu kallon juna a raba biyu, sannan a ninka. Ina laifin wannan?

Yana yin daidai ne kawai idan kusurwoyi huɗun duk a miƙe suke kamar na ɗaki. In ba haka ba, kullum ƙari yake yi, ba ya taɓa ragi. A wannan gonar, 60.5 sau 65.5 zai ba ka kusan 3,963, ƙarin murabba'in mita 183 da babu su a ƙasa. Mai biyan jinga ko kuɗin tarakta ko taki da faɗin gona, shi zai biya wannan ƙarin, kuma karkatar gona na ƙaruwa, giɓin na ƙaruwa.

Idan kududdufi ya tare iyaka, tef ba ya wucewa fa?

Sai a lissafo ta. A ce ruwa na tsakanin A da B. Miƙa igiya daga A ta kan tudu, ka bi ta har inda za ka hango turken B a gicciye sosai, ka kafa turke P. Don tabbatar da kusurwar, auna mita 3 a kan igiyar daga P, mita 4 ta wajen B. Tsakanin alamomin biyu dole ya zama mita 5 cif. In bai zama ba, matsar da P. Idan AP mita 39 ne, PB 52, ninka kowanne da kansa: 1,521 da 2,704, jimla 4,225. Danna √, iyakar mita 65 ce.

Ta yaya zan gane an yi kuskure?

Auna ɗaya layin tsakiyar, daga B zuwa D, ka sake lissafi da alwatikun ABD da BCD. A misalinmu BD zai fito mita 101 da ɗan ɗoriya, jimlar kuma ta dawo kusa da 3,780. Idan amsoshin biyu suka yi hannun riga, galibi an manta tef guda ne wajen ƙirga, ko mai jan tef ya kauce daga layi; shi ya sa ake kafa sanduna a tsakani, mutum ɗaya na saitawa daga turke. Idan ragowar wani gefe ta fito sifili ko ƙasa da haka, awon ne ba daidai ba, domin gefe ɗaya ba ya kai jimlar sauran biyun.

Akwai kuskuren da wannan gwajin ba ya kamawa, wato na igiyar da ta saki. Igiyar mita 50 da ta koma 50.5 za ta rage kowane awo da kashi 1 cikin 100, faɗi kuma da kusan kashi 2, wajen murabba'in mita 75 a wannan gonar. Gwada ta da tef na ƙarfe kafin a fara. Takardar mallaka kuwa, sai da awon safiyo mai rajista.